Me ya sa saƙo ba ya shigowa sai an buɗe waya?

Tambaya: "Don Allah, saƙon masu sayen kayana ba ya shigowa sai na buɗe WhatsApp, sannan su zubo gaba ɗaya. Ina da data, sabis a cike yake. Wayar Android ce, kuma kullum a kan tsimin batir nake barinta saboda rashin wuta."

Wa'alaikumus salam, Hajiya. Kada ki sake sayen data, kada kuma ki canza layi, domin wayar ce da kanta take hana manhajar aiki da zarar kin kashe fuskarta.

A yawancin wayoyin Android, ba kowace manhaja ce ke zaman jiran saƙonta ba. Wata manhajar Google da ke cikin wayar, Google Play Services, ce ke riƙe da hanya guda ɗaya a buɗe, kamar ɗan aike a bakin zaure, idan saƙo ya zo sai ya tashi manhajar da aka aiko wa. Tun daga Android 6, a shekarar 2015, aka shigo da tsarin Doze: idan waya tana ajiye ba motsi, fuskarta a kashe, ba ta kan caji, sai ta yanke wa manhajoji intanet, ta riƙa buɗe musu na ɗan lokaci jefi-jefi, kuma gwargwadon daɗewarta a ajiye, gwargwadon nisan da ke tsakanin buɗewar. Amma an bar ƙofa ga saƙon da aka yi wa alamar gaggawa, irin na hira da kira, shi ya sa Doze kaɗai ba ya cika jawo abin da kike gani.

Abin da ya fi jawo shi shi ne ƙarin da kamfanonin waya suke ɗorawa a kan Android, da manhajojin "wanke waya". Waɗannan ba barci suke sa manhaja ba, kashe ta suke yi, kuma manhajar da aka tsayar da ƙarfi ba ta karɓar sanarwa sai mai wayar ya buɗe ta da hannunsa. Wannan abu yana damuna ƙwarai. Mutum zai kai waya gyara a Sabon Gari ko Samaru, a cika masa ita da manhajar wanki har biyu ko uku, a ce masa ya riƙa latsawa safe da yamma don ta yi sauri. Na ga mai shago yana latsa maɓallin share komai duk bayan ya amsa saƙo ɗaya, sannan yana mamakin yadda masu ciniki ke cewa ya yi banza da su. Sake tayar da manhajar da aka kashe ma yana cin batir, to ina ribar? To, mu koma kan taki.

Ki fara da gwaji. Ki ajiye wayar kamar awa ɗaya ba tare da kin taɓa ta ba, sannan wani na gida ya turo miki saƙo ya duba wayarsa. Idan alamar isar saƙo da ke gefen saƙon nasa ta tsaya a guda ɗaya har sai kin buɗe, saƙon bai iso wayarki ba, batun tsimin batir ne. Idan ta zama biyu nan take amma ba ki ji ƙara ba, ya iso, sai ki duba izinin sanarwa da tsarin hana ƙara na Do Not Disturb. Ranar da aka kawo wuta ki maimaita a kan caji, saboda Doze ba ya aiki a lokacin caji. Idan a hakan ma shiru ne, to kashe manhajar ake yi.

Gyaran kuwa, ki shiga Settings, Apps, WhatsApp, Battery, ki zaɓi Unrestricted, ko Don't optimize a tsofaffin wayoyi. A shafin manhajar dai ki kunna Background data, idan kuma kina amfani da Data Saver ki ba ta Unrestricted data. Sauran ya danganta da irin wayarki. A Samsung ki duba Background usage limits ki tabbatar ba ta cikin Deep sleeping apps. A Redmi ki kunna mata Autostart. A Tecno, Infinix da itel ki nemi izinin tashi da kai a cikin Phone Master. Sunayen sukan ɗan bambanta daga waya zuwa waya. Manhajar wankin da aka sa miki daga waje kuwa, ki cire ta.

Ba cewa nake ki sakar wa kowace manhaja mara ba, batirin ba zai kai ki magariba ba. Biyu ko uku da kasuwancinki ya dogara da su sun isa: WhatsApp, manhajar banki, da makamantansu. Af, alat ɗin banki da ke zuwa ta SMS ba ya cikin wannan lissafin, hanyarsa daban ce. Shi kuma tsimin batir, wato Battery Saver, ki daina barinsa a kunne yini guda, ki saita shi ya kunna kansa idan caji ya sauka zuwa kashi 20 cikin 100. Yanayin tsimi mai tsanani, wanda ke barin 'yan manhajoji kaɗan kawai, yakan iya danne duk izinin da kika bayar, saboda haka kada ki shiga shi a lokacin da kike jiran oda. Idan kin gama, ki sake gwajin awa ɗayan nan, ki turo mana sunan wayar da abin da kika gani.