In sayi kyamara ne, ko wayata ta isa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ce mai kula da wani ƙaramin asibiti a ƙauye. Duk sabon ma'aikacin da aka turo mana sai na koya masa gwajin zazzaɓin cizon sauro na gaggawa, amma da na juya baya kowa ya yi yadda ya ga dama. Ina so in ɗauki bidiyon da za su riƙa bi. An ba ni 'yan kuɗi kaɗan. In sayi kyamara ne?

Amsa: Wa alaikumus salam, 'yar'uwa. Kada ki sayi kyamara. Duk wayar da ke ɗaukar bidiyo mai ingancin 1080p ta ishe ki. Abin da ya cancanci kuɗinki na farko shi ne abin kafa waya, irin mai hannun da ke miƙowa ta saman tebur, wayar ta kalli ƙasa.

Ga dalili. In aka tsaya gaban mai gwaji aka ɗauke shi, hannunsa na dama zai fito a hagun mai kallo, sai ma'aikacin ya riƙa juya komai a kansa kafin ya kwaikwaya. A abin gwajin kuwa ramin jini da ramin ruwan gwaji suna kusa da juna, rikicewa ba ta da wuya. Ki kafa wayar ta saman kafaɗar mai yin aikin, yadda mai kallo zai ga hannuwan kamar nasa ne. Ki kuma guji kyamarar gaba, domin wasu wayoyin kan juya hoton kamar madubi.

Sai batun haske, kuma a nan ne mafi yawan irin wannan bidiyo ke lalacewa. Abin gwajin fari ne tas. In haske ya yi masa yawa, layin T, wato layin da ke nuna akwai maleriya, in mai rauni ne sai ya ɓace a hoto, alhali shi ne layin da sababbin ma'aikata suka fi tsallakewa, su sallami mai maleriya ba magani. Ki shimfiɗa shuɗin ko koren ƙyalle marar sheƙi a kan tebur, ki ɗauka kusa da taga da hantsi, ba cikin rana tsaka ba. Ki ɗora yatsa a kan allon wayar daidai abin gwajin ki riƙe. A iPhone za ki ga AE/AF LOCK, wato ta daina sauya haske da kanta duk lokacin da hannu ya gifta. In dole ki yi da fitila kuma kika ga hoton yana rawa, ki nemi 25 fps a saiti, wato hotuna 25 a daƙiƙa, don ya dace da wutarmu mai 50 Hz.

Makirifo? Kina iya haƙura da shi. Ki ɗauki hoton ba magana, daga baya ki shiga ɗaki shiru, janareta a kashe, ki naɗi muryarki a ɗora.

Kafin ki kunna waya, ki buɗe takardar da ke cikin kwalin gwajin da kuke amfani da shi, ki rubuta matakan daga ciki. Yawan ɗigon ruwan gwaji da mintunan jira sun bambanta daga kamfani zuwa kamfani, don haka ki nuna kwalin a farkon bidiyon, tare da ranar ƙarewar aikinsa. Kowane mataki ɗauka guda: sa safar hannu, goge yatsa da sifirit, barin sa ya bushe, tsirawa, jefa allurar cikin akwatin allurai nan take, ɗibar jinin daidai alamar. Bushewar sifirit ɗin nan kada ki yanke ta wai ta yi tsawo, abin da aka yanke a bidiyo shi ma'aikaci zai yanke a aiki. Ɗigon ruwan gwajin kuwa ki ƙirga su da baki, kwalbar a tsaye. Jiran minti 15 ko 20 ne kaɗai za ki taƙaita, amma ki nuna agogo a farko da ƙarshe. Sakamako ki nuna huɗu: layin C mai nuna gwajin ya yi aiki shi kaɗai, C da T, C da T mai rauni, da wanda C bai fito ba, wanda dole a sake. Yatsan ya zama na abokin aikin da ya amince, kuma kada sunan majinyaci ya fito.

Idan kin gama, ki miƙa wa sabon ma'aikaci wayar da kayan gwaji, ki koma gefe ki kame bakinki. Duk inda ya tsaya yana dube-dube, wannan matakin za ki sake ɗauka. Wajen turawa ta WhatsApp ki zaɓi Document, in ba haka ba za ta matse bidiyon, layin nan mai rauni ya dusashe.