Asusun da ya daɗe babu motsi

Tambaya: Shekara 3 ban taɓa asusuna ba, yanzu na kasa cire ko dala. Kuɗina sun salwanta ne?

Amsa: Ɗan'uwa, kuɗinka na nan. Asusun da ya daɗe babu ajiya babu cira, banki kan tsayar da shi, domin irinsa mazambata ke lallaɓawa tunda mai shi ba ya leƙawa.

Je reshen bankinka nan Maraɗi da kanka, kada ka aiki yaro. Tafi da katin shaida mai aiki, ka rubuta takardar neman a buɗe shi, a gwada sa hannunka da na farko, ka zuba 'yar ajiya. Tambayi abin da aka yanke na kula da asusu, yakan ci ragowar.

Kada ka yi sake: a ƙasashen UEMOA, wato na Afirka ta Yamma masu amfani da sefa, bayan shekara 10 babu motsi ana miƙa kuɗin ga BCEAO, babban bankin yankin.