Azumin kwana arba'in: doka daban, al'adar gida daban

"Gwaggo, bana ne Karem ɗina na farko a gidan miji. Ina goyo, maigida magini ne, yini yake a rana. Maƙwabta sun ce azumin da ake shan ruwa ba azumi ba ne. Me aka halatta mana?"

'Yata, fara da lissafin Karem, wato azuminmu na Kirista kafin Idin Tashin Yesu. Daga Larabar Toka zuwa Asabar ta jajibirin Idin Tashin Yesu kwana 46 ne. Ki cire Lahadi shida, don ba a azumi ran Lahadi, sai arba'in su rage, kamar kwanakin da Yesu ya yi a jeji.

Abin da ikilisiyar Katolika ta wajabta bai kai yadda mutane ke zato ba. Tun gyaran da Paparoma Bulus na shida ya yi a 1966, azumin dole kwana biyu ne kacal: Larabar Toka da Juma'a Mai Tsarki. A ranakun nan mutum ya ci cikakken abinci sau ɗaya. An yarda ya ɗan taɓa wani abu safe da yamma, amma kada ya kai ga ƙoshi. Wannan yana kan wanda ya cika shekara 18 har ya shiga ta 60. Barin nama kuma ya hau kan duk wanda ya cika 14, a ranakun nan biyu da kowace Juma'a ta Karem.

Ruwa bai karya shi. Maƙwabtanki da ma'aunin Ramadan suke auna mu, kuma ba da mugun nufi ba, shi suka sani. A 2025 ma azumin biyu sun zo kusan tare, yaranmu da yawa suka riƙa tashi sahur da abokansu. Na san gidajen Kirista a nan Damagaram da ba sa sa komai a baki sai rana ta faɗi, kwana arba'in cur. 'Yan'uwanmu na ikilisiyoyin bishara kuwa ba su da wannan doka, kowa da ranakun da ya keɓe. Wanda ya ɗauki mai tsanani don Allah, madalla. Abin da ban yarda da shi ba, ya ɗora wa wani ya ce doka ce.

Yanzu mu shiga gidanki. Ke mai goyo, azumin abinci ba ya kanki, haka mai ciki da mara lafiya. Ki sha kununki, ki dama furarki. In kin ga nono ya ja baya, ko yaron ya rage fitsari, to kin matsa wa kanki, ki saki. Surukarki ta haura sittin, ta fita daga azumi, amma barin nama ran Juma'a yana nan kanta muddin lafiyarta ƙalau. Ƙanen mijinki mai shekara 15 shi ma nama kawai zai bari.

Maigidanki ne abin dubawa. Karem yakan kai mu cikin bazara, kin kuwa san zafin Maris da Afrilu a garin nan, ya wuce 40. Mai ɗaukar bulo a wannan rana ya sha koko da safe, ya tafi da jarkar ruwansa, ya yi cikakken cinsa da azahar lokacin da jiki ke nema, da dare ya taɓa kaɗan. Ya yi azumi cikakke ke nan. In jiri ya fara ɗibarsa a kan tsani, ko fitsarinsa ya yi ja, ko gumi ya ɗauke masa, ya sauka ya shiga inuwa ya sha ruwa, babu zunubi. In aikin ya fi ƙarfinsa ya gaya wa Fada, zai iya musanya masa da wani abu.

Tukunyar Juma'a ba ta da wuya. Kaza, zabo da tantabara duk nama ne, kada wani ya ruɗe ki. Ƙwai, nono, man shanu da kifi sun halatta. Tuwon hatsi da miyar kuka, a sa daddawa sosai da ɗan busasshen kifi, ya wadatar. Akwai shinkafa da wake, akwai dambun zogale, akwai awara. Dunƙulen magi ba laifi. Romo kam, a gidanmu barinsa muke yi.

Sai dai ga inda nake da magana. Gidaje nawa ne a unguwarku ke ganin nama kowace Juma'a? Wanda sai wata-wata yake cin nama, in ya ce ya bar shi, me ya bari? Wani kuma ya bar tsiren dala ɗari ya je Kasuwar Dole ya sayo kifin jika uku, wai yana Karem. Shi ya sa iyayenmu suka ƙara nasu. Kakarki kan bar goro, wanda ya fi mata nama zafi, mahaifinki kuma shayi yake bari. Kullum in za a auna hatsin tuwo sai ta ɗebi tafi ɗaya ta zuba a wata ƙwarya daban. Kafin Mako Mai Tsarki ƙwaryar ta tara tiya biyu ko uku, a kai wa wata gwauruwa a unguwa, ba ta tambayar addininta. Ki karanta Ishaya 58, daga nan ta samo shi.

Ku zauna da maigida kafin Laraba kowa ya faɗi abu ɗaya da zai bari. Ran Juma'a da yamma ki goya yaron ki zo Hanyar Gicciye, zan riƙe miki wuri kusa da ƙofa inda iska ke shigowa.