Kotorkoshi ko Kwatarkwashi? Amsar Kawu

Kawu, barka da hutawa. Ƙungiyarmu ta ɗalibai za ta buga kalanda, sai gardama ta tashi kan sunan garinmu. A takardun makaranta da taswira Kotorkoshi muke gani, Kaka kuwa ba ta taɓa cewa komai ba sai Kwatarkwashi. Wasu sun ce na takarda shi ne na asali tunda ya daɗe a rubuce. Wanne za mu sa? Kuma yaya mutum zai gane sunan garinsu na gaskiya?

Ɗana, na ji daɗin wannan tambaya ƙwarai, Allah ya yi maka albarka. Kakarku ce da gaskiya. Amma ba na son ka koma wurin abokanka da "Kawu ya ce" kawai, gara ka san yadda aka yi har sunan ya karkace, don gobe in an kawo maka na wani gari ka iya warware shi da kanka.

Bature mai safiyo ba da mugun nufi ya zauna ya ɓata sunan ba. Ya iso gari a kan doki, ya tambayi tafinta, tafinta ya faɗa sau ɗaya ko biyu, shi kuma ya rubuta abin da kunnensa ya kama da haruffan da ya saba da su. Ingilishi suna da ƙa'idar da ƙungiyar masana labarin ƙasa ta Landan ta shimfiɗa musu tun 1885: a rubuta baƙaƙe yadda ake furta su da Turanci, wasula kuma yadda Italiyawa ke yi, kada a cika ɗigo da ƙugiya. Su ɓ da ɗ da ƙ ba su shigo bokon Hausa ba sai wajen shekarun 1930, alhali Kano da Sakkwato sun faɗa hannun Turawa tun 1903. Kafin ƙugiya ta zo, an riga an buga taswira, an rubuta sunayen a rasidin haraji da allon tashar jirgi. Abin da ya hau hatimin gwamnati kuwa, sauke shi aiki ne.

To ga abin da nake so ka riƙe: karkacewar tana da tsari. Kunnen baƙo iri ɗaya yake kuskure a ko'ina, shi ya sa ake iya bin sawun a koma gida.

Ɗauki naku. Faɗi "kwa" ɗin farko na Kwatarkwashi a hankali, ka lura da leɓɓanka. Tun kafin ka saki k sun riga sun dunƙule, kuma wasalin gajere ne, ba ya samun sarari ya buɗe sosai. Mu mun san k ce da w da a. Baƙo kuwa "ko" yake ji. Da ya rubuta Ko, sai "tar" da ke tsakanin "kwa" biyu ita ma ta bi su ta zama "tor", na ƙarshen ya zama "ko", aka sami Kotorkoshi. Yanzu auna wannan ma'auni a wani wuri: Kwantagora ta zama Kontagora. Sakkwato ta zama Sokoto, ita har asara biyu ta yi, don bayan "kwa" ta koma "ko", k ɗin da muke dannewa sau biyu an bar ta ɗaya. Abin mamaki, Clapperton, wanda ya ziyarci Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a 1824, Sackatoo ya rubuta, wato wasalinsa na farko ya fi na waɗanda suka zo bayansa kusa da bakinmu.

Haka gajeren a yake komawa e a kunnensu: Yalwa ta zama Yelwa. Kabi ta zama Kebbi, kuma b ɗin nan biyu ba wai sun ji biyu ba ne. A al'adar rubutunsu ana ninka baƙi don a nuna wasalin da ya zo kafinsa gajere ne. Mu kuma muka zo muna karanta shi da ƙa'idarmu, yau har yaran da aka haifa a can suna danne b ɗin. Wannan yana ci mini rai, ba zan ɓoye maka ba, don nan ba Bature ya yi mana ba, mu muka karanta rubutunsa ba yadda ya nufa ba.

Ƙetare iyaka ka ga ɗaya hannun. Tsakanin 1906 da 1908 aka kafa duwatsun iyakar Nijeriya da Nijar, Manjo O'Shee a ɓangaren Ingila, Kyaftin Tilho a na Faransa. Harshe ɗaya, dangi ɗaya, amma alƙalami biyu. Faransawa ba su cika amfani da w ba, "ou" suke sawa, shi ya sa Tawa ta zama Tahoua, Tasawa ta zama Tessaoua, Madawa ta zama Madaoua. Wanda ya san ƙa'idarsu, in ya karanta Madaoua daidai zai faɗa. Matsalar ɗan Nijeriya ne da zai karanta da idon Ingilishi. Inda suka yi asara ta gaske shi ne irin Maraɗi da ta rasa ƙugiya, da Tsibirin Gobir da ta koma Tibiri.

A nan zan ja kunnenka, don masu ɗokin gyara a nan suke faɗawa rami. Ba kowane rubutun Bature ne kuskure ba. Dogondoutchi fa? Bakano zai yi tsalle ya ce ai Dogon Dutse ne, sun ɓata. Alhali mutanen yamma "dutsi" suke cewa, kuma ts ɗinsu a irin wannan wuri ba irin ta Kano ba ce, tana fita kamar c mai ƙarfi da aka matse a maƙogwaro. Wanda ya rubuta "tchi" ya kusanci bakin masu garin fiye da wanda zai gyara masa da Kananci. Kafin ka yi wa Chafe da aka rubuta a madadin Tsafe dariya, je ka saurari yadda tsofaffin yankinmu ke cewa "tsada", sannan ka yanke hukunci. Haka Zegzeg da ke cikin tsofaffin littattafan matafiya: ka ga kamar shirme, to me ya sa muke cewa Bazazzagi da Zage-zagi? G ɗin nan ba daga sama ta faɗo ba, tsohon sunan ne ya ɓuya a ciki.

Wannan ya kawo mu ga ma'aunin da na fi yarda da shi. Sunan gari yana hawa taswira, amma sunan mutanen gari ba ya hawa, saboda haka ba wanda ya taɓa shi. Ba ka taɓa jin Basokote ba, Basakkwace ake cewa, da Sakkwatawa. Bakabe da Kabawa, b ɗaya, a kuma a sarari. Haɗejawa da ɗ ɗinsu. Duk garin da kake shakka, tambayi yadda ake kiran namiji ɗaya, mace ɗaya, da jama'arsu. Sai ka bi da sarauta da kirari da waƙar daka, don mawaƙi ba ya iya rage gaɓa ko ya ƙara ba tare da kiɗan ya tona masa asiri ba.

Sai zuwa wurin tsofaffi, kuma wannan yana da ladabinsa. Kada ka fara ambaton sunan da bakinka. Na yi wannan kuskure ina saurayi, lokacin ina malamin makaranta a wani ƙauye. Na je wurin wani dattijo da littafina da biro a aljihu, na faɗi sunan garin yadda yake a allon makaranta na ce haka ne? Ya dubi biron, ya ce haka ne, Malam. Ban bar zauren ba sai ga matarsa tana yi wa mai tallar nono kwatance ta bayan danga, ta faɗi sunan da wani ɗ da dogon wasali da ban taɓa gani a rubuce ba. Dattijon bai yi mini ƙarya ba, girmama ni ya yi, ya ba ɗan boko abin da yake zaton ɗan boko yake so. Tun ranar na koyi in tambaya a kaikaice: Inna, ina aka kai ki aure? Wace kasuwa kuke ci ran Laraba? Sai sunan ya fito da kansa a tsakiyar magana. Nemi mutum uku aƙalla, kowa daban, waɗanda aka haifa a garin, kuma tsofaffin mata sun fi, don ba su yi zaman ofis ba. Ɗauki muryarsu a waya da izininsu, domin boko ba ya nuna tsawon wasali balle hawa da saukar murya. Gari na zama da gari na tuwo rubutunsu ɗaya. Ƙugiya kaɗai ma tana juya ma'ana, ka ga ke nan ba ƙaramin abu aka yar ba da aka mai da Ƙauran Namoda ta zama Kaura Namoda.

In akwai tsofaffin wasiƙu na ajami a gidan hakimi ko liman, roƙi a nuna maka. Ajami ya raba kaf lasan da ƙaf wau, ya raba dal da ɗa mai hannu, yana da shadda mai nuna baƙin da aka danne. Sai dai wani malamin yakan bar wasula bai sa ba, wani kuma yakan ja sunan ya yi kama da Larabci, don haka shaida ce guda, a haɗa ta da ta baki.

Abu biyu ka yi hattara da su. Na farko labarin "wai wani maharbi ne ya ce kaza, shi ke nan sunan ya bi garin". Rubuta shi, yana da daɗi kuma gado ne, amma sau da yawa sunan ne ya haifi labarin, kada ka lanƙwasa furuci don ya dace da shi. Na biyu, in ka fita ƙasar Hausa, ka tuna tafintan Bature galibi Bahaushe ne, sunayen wasu ta bakinmu suka bi kafin su hau takarda. Kagoro da muke faɗa, masu garin Gworok suke cewa. A can su za ka tambaya, ba mu ba.

Kalandarku kuwa, ku sa Kwatarkwashi da manyan haruffa, Kotorkoshi a ƙasa da ƙanana don baƙo mai bin taswira. Takardun jarrabawa da na banki ku bar su yadda suke, kada bambancin harafi ya jawo wa wani wahala. In ka zo hutu ka taho da wayarka da caji, mu je wurin Kakarku da hantsi kafin ta gaji. Ka gai da mutanen gida.