Na'urar awon hawan jini: ta damtse, ta wuyan hannu ko ta yatsa?

"Assalamu alaikum Anti. Mahaifiyata tana da jiki sosai, maɗaurin na'urar damtse baya rufe hannunta, sai na sayo mata ta wuyan hannu. A gida tana nuna 160, a mustausaf, wato ƙaramin asibiti, kuma 144. Wallahi hankalina ya tashi." Daga wata 'yar uwa a Makka.

Wa alaikumus salam 'yar uwa, ki kwantar da hankalinki, Allah ya ba Hajiya lafiya. Irin su Hajiya dama su ne aka yi wa uzurin amfani da ta wuyan hannu, wato wanda damtsensa ya fi ƙarfin maɗauri, ko wadda aka yi wa aikin nono aka cire kaluluwar hammata ta ɓangarorin biyu, ko mai ciwo a damtsen. Amma kafin nan ɗauko tef ɗin tela ki auna tsakiyar damtsenta. Maɗaurin da aka saba gani na santimita 22 zuwa 32 ne, akwai babba mai kaiwa 42, ki tambaya a saidaliyya, wato kantin magani. In ta shiga cikin 42 ɗin to koma wa ta damtse, ita likitoci suka fi yarda da ita. Kar dai a matsa mata ƙarami da ƙarfi, ƙaramin maɗauri ƙara lamba yake.

Wannan tazarar ta 16 kuma ina zargin inda take ajiye hannu ne. Wuyan hannu dole ya zo daidai saitin zuciya, duk santimita 10 da ya sauka ƙasa lamba tana ƙaruwa da kusan 8. To Hajiya tana zaune hannu a kan cinya, ya sauka wajen santimita 20, kin ga 16 ɗinki ta fito. Haka in ya ɗaga sama da zuciya sai lambar ta ragu, kuma wannan ya fi bani tsoro don mutum sai ya zaci ya warke ya ajiye magani. Ki zaunar da ita kan kujera ta jingina bayanta, ƙafa a ƙasa, ta huta minti 5, ba gahawa ba shayi rabin awa kafin nan, gwiwar hannu kan tebur, na'urar a saitin tsakiyar ƙirji, kar ta lanƙwasa wuyan hannun kuma kar ki ja ta da hira. Awo biyu da tazarar minti ɗaya, safe da yamma, kwana 7, ki rubuta. A gida matsakaicin da ya kai 135/85 ana ɗaukarsa ya hau. Ranar ganin likita ki tafi da na'urar da takardar a gwada ta da tasu.

"Na ga wata ƙarama ta maƙalawa a yatsa a Balad, arha, ina so in sayi goma na tsaraba in aika gida. Tawa kullum 98 da 76 take nunawa." Daga wani bawan Allah a Jidda.

Haba Alhaji! Duba fuskarta, in ka ga SpO2 da PR to wannan ba ta hawan jini bace ko kaɗan, iskar da ke cikin jini da bugun zuciya take aunawa, irin wadda ta cika gari lokacin korona. Ko ta yatsan da aka yi don hawan jinin ma ban yarda ka saya ba, jijiyar yatsa siririya ce, sanyin mukayyif, wato na'urar sanyaya ɗaki, kaɗai ya isa ya tsuke ta lamba ta canza.

Kuma abin nan yana ci min rai. Mutum zai kashe ɗaruruwan riyal a turare da jallabiya da ƙyar in ya nemi ragi, amma abin da tsohuwarsa za ta dogara da shi wajen shan magani sai ya saya a shimfiɗa a bakin titi, kwali ba sunan kamfani ba garanti, wani ma an kwaikwayi sunan Omron an canza harafi ɗaya. Agogo in ya lalace za ka gane, wannan kuwa ko ƙarya take yi lamba za ta baka tsaf, kuma hawan jini yawanci baya ciwo balle ya tona mata asiri, sai dai a wayi gari ɓarin jiki ya shanye, Allah ya kiyaye. Goma ka ce fa, gida goma kenan. Ka sayi guda ɗaya ta damtse a saidaliyya, ka karɓi fatura, ka duba lambar samfurin a jerin STRIDE BP na na'urorin da aka gwada aka tabbatar.

"Agogon hannuna yana nuna hawan jini, zan iya rage magani in ya nuna daidai?"

A'a. Ko na'urar damtse ce ta nuna daidai maganin ne yake aikinsa, likita ne kawai zai rage maka.

Duk wanda kuma ya ga 180/120 tare da ciwon ƙirji, ko nauyin harshe, ko sanyin ɓarin jiki, kar ya tsaya sake awo, a kira 997, lambar motar asibiti a Saudiyya, nan take.