Ruwa ba ya tsami banza

"Kawu, an tambaye mu dalilin da ya sa Kano ta sha gaban Katsina a ciniki. Na jero shekaru duka daidai, amma malam ya ba ni maki kaɗan. Ashe ba haka ake ba da tarihi a gidanmu ba, wane ya gaji wane?"

Ɗiyata, kin sa ni murmushi, kin kuma sa ni damuwa. Jero sarakuna aikin maroƙa ne a ƙofar fada, yana da ranarsa. A zaure ba haka ake yi ba.

Ina yaro, wata rana bayan la'asar, wani ɗan makaranta ya zo gaida kakanmu a zaurensa na kusa da Gobarau. Ya durƙusa ya karanto: jihadi 1804, Katsina ta faɗi 1807, jirgin ƙasa ya iso Kano 1911. Tsoho ya bar shi ya gama, ya ajiye carbi, ya ce, "Madalla. To, wa ya kori fatake?" Zaure ya yi tsit. Ya ce, "Ruwa ba ya tsami banza." Sannan ya ɗauko zancen a tsanake. Da Ummarun Dallaje, jagoran masu jihadi, ya karɓi Katsina, sarakunan Haɓe suka yi arewa, daga baya suka kafa Maraɗi. Ba su haƙura ba, suka riƙa kawo hari shekara da shekaru. Hanya ta daina aminci, falke kuma ba ya kai raƙumansa inda za a kwashe masa kaya. Sai ayari ya karkata Kano, wadda ke can ciki nesa da bakin daga. Inda ayari ya sauka, can masu dukiya da marina suke bi. Har aka kira magariba ba wanda ya tashi.

Haka malaminki yake so. Ki faɗi matsayinki a jimlar farko: rashin tsaro bayan jihadi ne ya karkatar da ciniki. Kowace gaɓa ki ɗaure ta da ta gabanta da "saboda" ko "shi ya sa". In kin ga takardarki cike da "sannan, sannan", jeri kike yi.

Shekarun kuma kada ki zubar da su, shaidu ne. In wani ya ce jirgin ƙasa ne ya ɗaga Kano, ki nuna masa cewa Barth, Baturen Jamus mai yawon bincike, ya zo Katsina a 1851 ya tarar ciniki ya riga ya koma Kano, shekara sittin kafin jirgi. Abin da ya zo daga baya ba zai zama sanadi ba. Jirgi ƙarawa ya yi.

Ku yaran yanzu kuna haddace amsa daren jarrabawa, ba ku zama wurin tsofaffi ku ji "don me". Wannan yana yi mini ciwo. In an yi hutu ki zo, akwai zancen naɗin Sarki Dikko a 1906 da ban taɓa ba ki ba.