Kashi 10 a kan kowane kaya? Rodi bai san wannan lissafi ba

Tambaya: Injiniya, ina gini a Gusau. Wanda ya yi mini lissafin kaya ya ɗora kashi 10 cikin 100 a kan komai, wai kason asara. Yanzu rodi ya ƙare ba a gama filoli ba, siminti kuma ga shi jibge. Cuta ta aka yi, ko haka ake yi?

Amsa: Alhaji, kafin ka zargi mai ɗaurin rodi da sata, ɗauko tef. Ina kyautata zaton lissafin ne ya ci ka.

Wannan kashi 10 ɗin na gaji da ganin sa. Kowa ya riƙe shi kamar haddar allo, daga ɗan kwangila har yaron da ya shekara biyu yana bin magini ya fara kiran kansa injiniya. Ka tambaye shi daga ina ya samo goma, sai ya ce haka ake yi. Alhali kowane kaya da hanyar da yake ɓacewa: bulo fashewa yake yi, siminti zubewa da daskarewa, rodi da tayil kuwa wurin yanka suke tafiya. Wanda yanka ke ci, awo ne ke faɗin asararsa.

Ga misali. Sandar rodi mita 12 ce. A ce aikinka na son guntaye 40, kowanne mita 4.5. Jimla mita 180, sanda 15 ke nan a takarda. Mai kashi 10 zai ce a sayo 17. To je ka wurin yanka. Sanda ɗaya guntaye biyu take bayarwa, mita 9, a bar maka mita 3 da ba ta isa na uku ba. Guntaye 40 sai sanda 20. Ƙarin da ake bukata kashi 33 ne, ba wanda ya saci ko taku ɗaya. Da guntayen mita 4 ne, sanda ɗaya uku za ta ba da cif, asara kusan babu, goman ta zama kuɗin da aka ƙona a banza. Shi ma da sharaɗi: na sha auna sanda a kasuwa in tarar ba ta cika 12 ba, kuma in ta gaza ko da kamu ɗaya ne, ukun nan sun koma biyu.

Abin da ke ba ni tsoro shi ne yadda ake rufe giɓin. Rodi ya gaza, mai gida ya ce ba zai ƙara ko sisi ba, sai mai ɗauri ya tattaro guntayen mita 3 ya yi ta haɗi inda bai kamata ba, ko ya rage tsawon haɗin, ko ya buɗa tazarar zobba. Kankare na rufewa, shi ke nan, ba mai gani sai ranar da fila ta tsage. Tsawon haɗi da lanƙwasa ba asara ba ne, awo ne, a cikin lissafi ake sa su tun farko. Ka sa a rubuta maka jerin yanka: kowane guntu tsawonsa nawa, guda nawa, daga wace sanda. Ragowar mita 3 a tura ta lintar taga da ƙofa. Bayan an yi haka, ni kashi 3 zuwa 5 nake ƙarawa.

Tayil ma haka. Ɗaki mita 3.4 kowane gefe, tayil mai santimita 60: takarda ta ce 33, ƙasa ta ce shida sau shida, 36, tun ba a fasa ko ɗaya ba. In shimfiɗar karkace ce, ka sa kashi 15, kuma ka sayo gaba ɗaya, don kwalin da za a kawo daga baya launinsa kan saɓa.

Bulo mai inci 9 guda 10 ne a murabba'in mita. In na inji ne mai siminti sosai, kashi 5 ya isa. In bugun hannu ne da aka ja wa yashi, kuma mota za ta yi ta tsalle da shi a hanyar ƙauye, ƙirga fasassun lodin farko, adadin da ya fashe cikin kowane ɗari shi ne kasonka.

Siminti kuwa goma ta yi yawa. A buhu 400, buhu 40 ke nan da ba su da aiki, kuma kayan da ba su da aiki ƙafa suke yi. Kashi 3 zuwa 5 nake sawa, a saya kaɗan-kaɗan. Wanda ke jibge wurinka yanzu, a ɗora shi kan katako nesa da bango, a fara da wanda ya riga zuwa. Buhun da ka murza dunƙulensa da yatsa ya ƙi fashewa, kada ya shiga fila.